Santimita 13: Me Ya Sa Maza Suka Fi Mata Tsawo?



Duk wanda ya taɓa tsayawa a filin makaranta da safe lokacin da ɗalibai suka yi layi, ya san abin da zan faɗa. Ka dubi layin 'yan aji shida na firamare, ko aji ɗaya na ƙaramar sakandare, za ka ga 'yan matan sun zarce mazan. Wata ma sai ka ɗauka yayarsu ce, alhali shekararsu ɗaya. Ka dawo bayan shekara biyar ka sake duba yaran nan, sai ka tarar lamarin ya juye: yaron da ake tsokana da gajarta ya yi zanƙalalam, muryarsa ta buɗe, ita kuwa wadda ta fi kowa tsawo tana nan kusan inda ka bar ta. Me ya faru a cikin shekarun nan biyar? Amsar wannan tambaya ita ce sharhinmu na yau.

A faɗin duniya, idan aka auna manya aka ɗauki matsakaici, namiji yana kai kimanin santimita 171, mace kuma 159. Tazarar ba ta wuce santimita 12 zuwa 13 ba, wato ba ta ma kai tsawon biro ba. Kuma a lura da kalmar matsakaici. Babu wanda ya ce kowane namiji ya fi kowace mace tsawo. Kowa ya san gidan da uwargida ta fi maigida. Matan ƙasar Holan ma, a matsakaici, sun fi mazan wasu ƙasashe tsawo. Abin da ake nufi shi ne, a cikin al'umma ɗaya, masu cin abinci iri ɗaya, mazan sukan ɗara matan da wannan ɗan gwargwado, daga Kano har Tokyo.

Idan ka tambayi mutane dalili, amsar da za ka fi ji biyu ce. Wasu su ce ai sinadarin maza ne ke miƙar da namiji. Wasu su ce ai 'ya'ya maza ake tura wa tsoka a kwano. Ta biyun ba ta da ƙafar tsayawa, domin ko a ƙasashen da yara maza da mata ke ci su ƙoshi, tazarar tana nan. Ta farkon kuwa tana da ƙanshin gaskiya, amma ta bar babban dalilin a baya. Babban dalilin lokaci ne. Namiji ya fi mace tsawo ne saboda ya fi ta daɗewa yana yaro.

Don a gane wannan, sai an san yadda ƙashi ke tsawo. Duk wanda ya taɓa cin naman ɗan rago ya san kan ƙashinsa da laushi, ana iya tauna shi, har wani lokaci ya ɓalle kamar hula. Na tsohon rago kuwa ya haɗe ya zama abu guda mai tauri. Haka ɗan Adam yake. Kusa da kowane ƙarshe na dogayen ƙasusuwan yaro, kamar na cinya da na ƙwauri, akwai wani siririn faifai na guringuntsi. A nan ne kawai ƙashi ke ƙara tsawo. Guringuntsin yana hayayyafa ta gefe ɗaya, ta ɗaya gefen kuma yana daskarewa ya zama ƙashi, da haka ƙafa ke miƙewa. Muddin faifan nan yana nan, ƙofar tsawo a buɗe take. Ranar da ya ƙare, ƙashi ya haɗe da ƙashi, an rufe ƙofa, kuma babu abinci ko magani ko motsa jiki da zai sake buɗe ta.

Wanda ya fi kowa bin diddigin wannan tafiya wani likita ne ɗan Ingila mai suna James Tanner. Daga shekarar 1948, shi da abokin aikinsa suka riƙa auna yaran wani gidan renon yara a garin Harpenden, duk bayan wata shida, idan yaro ya shiga balaga kuma duk bayan wata uku, shekara da shekaru. Daga irin wannan aiki na haƙuri aka samo lissafin da zan kawo muku. Don ya zauna a kunne, bari mu yi misali da tagwaye, Hassan da Hassana, ciki ɗaya, nono ɗaya, kwano ɗaya.

Ranar haihuwa bambancinsu bai kai santimita ɗaya ba. Suna tasowa kafaɗa da kafaɗa, bayan shekarun farko kowa na ƙara kamar santimita 5 zuwa 6 a shekara. A ce ranar da suka cika shekara 10 an jingina su da bango an ja layi, kowa ya ba da santimita 133.

A nan hanya ta rabu. Jikin Hassana ya fara shirin balaga, ta fara ƙirgar dangi, kuma tsawonta ya zabura. Wajen shekara 12 tana ƙara kusan santimita 8 a shekara guda, ɗinkin sallar bara ya ɗage. Ta kai 147. Shi kuwa Hassan yana nan yana tafiyar yara, biyar bana biyar baɗi, ya kai 143. Wannan shi ne abin da muke gani a layin makaranta. Wajen shekara 13 Hassana ta fara al'ada, kuma daga nan abin da ya rage mata kaɗan ne, kamar santimita 5 zuwa 7. Kafin ta cika 16 ta tsaya a 158. Idan ka lissafa, daga ranar da ta zabura zuwa ranar da ta tsaya, ta ƙara santimita 25.

Hassan bai zabura ba sai yana da shekara 12, wato bayan 'yar'uwarsa da shekara biyu. To amma a ina ya fara? Ita ta fara daga 133, shi ya fara daga 143. Tun kafin ya ɗaga ƙafa yana da ribar santimita 10 a aljihu, ribar shekaru biyun da ya ƙara yana yaro. Sa'an nan da tasa zaburar ta zo, ta ɗan fi tata ƙarfi: wajen shekara 14 yana ƙara santimita 9 zuwa 10 a shekara, a nan ya kamo ta ya wuce. Gaba ɗaya ya ƙara 28 inda ita ta ƙara 25, ya tsaya a 171 wajen shekara 17 ko 18. Goma daga jinkirin farawa, uku daga ƙarfin zabura, ga santimita 13 ɗinmu. Sauri ya haifi nawa, in ji masu iya magana, kuma a nan maganar ta zauna daram.

Akwai wani abu da wannan ya bayyana wanda teloli suka sani tun tuni. A shekarun yarinta ƙafafu ne suka fi saurin girma, a lokacin balaga kuma gangar jiki ce ke ƙara miƙewa. Tun da namiji ya samu ƙarin shekara biyu na yarinta, kaso mai yawa na fifikonsa a ƙafa yake. Shi ya sa idan miji da mata suka zauna a kan benci ɗaya, tazarar takan ragu, sai sun miƙe ta bayyana sosai.

To me ke busa usur ɗin farawa, me kuma ke rufe ƙofa? A nan ne homon ke shigowa. Homon wasu sinadarai ne da jiki ke sarrafawa ya zuba cikin jini, su kai saƙo daga wannan gaɓa zuwa waccan, kamar 'yan aike. Idan lokacin balaga ya yi, ƙwaƙwalwa ce ke aika saƙo: a jikin yarinya zuwa ma'ajiyar ƙwai, ta fara fitar da homon da ake kira istirojin, a jikin yaro kuma zuwa maraina, su fara fitar da testostiron. An daɗe ana koyarwa cewa kowa da nasa, istirojin ya rufe ƙashin mace, testostiron ya rufe na namiji.

Wani mutum guda ne ya rushe wannan fahimta. A shekarar 1994 likitoci a birnin Cincinnati na Amurka suka ba da rahoton wani mutum mai shekara 28 da ya je asibiti saboda ƙafafunsa suna ƙara yin gwame. Tsawonsa santimita 204, kuma har lokacin bai daina tsawo ba. Ya balaga yadda ya kamata, ga gemu, ga murya, testostiron ɗinsa lafiya lau. Da aka ɗauki hoton ƙashinsa sai aka ga kamar na ɗan shekara 15, faifan guringuntsin nan a buɗe, ƙashin kuma ba shi da ƙwari. Bincike ya nuna cewa jikinsa ba ya jin kiran istirojin, domin an haife shi da tawaya a wurin da ke karɓar saƙon. Ba da daɗewa ba aka samu wasu mazan masu irin wannan siffa, su kuma jikinsu ne ba ya iya yin istirojin ɗin. An yi wa ɗaya daga cikinsu allurar testostiron, ƙashin bai rufe ba. Da aka ba shi istirojin, cikin watanni ya rufe.

Ma'ana, jama'a, sinadarin da muke kira na mata shi ne mai rufe ƙofar tsawo a jikin kowa, mace da namiji. Jikin namiji yana ɗibar wani abu daga testostiron ɗinsa ya mayar da shi istirojin, da shi yake rufe ƙashinsa. Kuma aikin istirojin baki biyu gare shi. Idan yana ɗan kaɗan, a farkon balaga, shi ke zuga jiki ya ƙara fitar da homon ɗin girma, sai yaro ya zabura. Idan ya yi yawa kuma, shi ke sa guringuntsin ya tsufa da sauri ya ƙare. Kamar hura wuta ne a murhu: tukunya za ta tafasa da wuri, amma icen ma zai ƙare da wuri. Yarinya tana samun istirojin tun da wuri kuma da yawa, don haka ta riga zabura, ta riga tsayawa. Na yaro yana taruwa a hankali, sai ƙofarsa ta daɗe a buɗe. Testostiron yana da nasa rabon, shi ke ƙara wa zaburar ƙarfi, ya faɗaɗa kafaɗa, ya kaurara ƙashi, ya gina tsoka, amma ba shi ke riƙe da makulli ba.

Makiyaya za su gane wannan da sauri. Dabbar da aka fiɗiye tun tana ƙarama takan yi dogayen ƙafafu sirara fiye da wadda aka bari, domin an cire tushen sinadarin da zai rufe ƙashin da wuri. Haka aka lura da shi a mutane: a ƙasar Italiya, a ƙarnonin baya, ana fiɗiye yara maza don muryarsu ta zauna siririya saboda waƙa, kuma an san da yawansu da dogayen hannuwa da ƙafafu. Da a ce testostiron ne kaɗai ke kawo tsawo, da gajeru za su zama.

Saura maganar gado. Gaskiya ne tsawo gado ne. Inda abinci ya wadata, kusan kashi 80 cikin 100 na bambancin tsawo tsakanin mutane daga iyaye yake. A shekarar 2022 wani babban bincike a kan mutum sama da miliyan 5 ya gano wurare fiye da 12,000 a cikin ƙwayoyin gado da ke taɓa tsawo, kowane da ɗan mitsitsin tasirinsa. Sai dai waɗannan Hassan da Hassana duk suna gadonsu daga uwa da uba ba tare da an fifita wani ba. Suna bayyana dalilin da ya sa wani gida dogaye ne wani gida gajeru, ba su bayyana tazarar wa da ƙanwa ba.

Inda gado ya raba su wuri ɗaya ne. Bayanan halittarmu a ɗaure suke cikin damma 46 da ake kira kuromosom, rabi daga uwa rabi daga uba. Biyu daga ciki su ke raba jinsi: mace tana da X biyu, namiji yana da X da Y. A shekarar 1997 masana a Jamus suka gano wata ƙwayar gado da aka sa wa suna SHOX, wadda ke aiki a cikin faifan guringuntsin nan, musamman na ƙwauri da na hannu. Tana kan X, tana kuma kan Y, don haka kowa yana da biyu. To amma jikin mace yana kwantar da ɗaya daga cikin X ɗinta, ya rage masa aiki, kamar yadda wata masaniya 'yar Ingila, Mary Lyon, ta bayyana tun 1961. SHOX tana cikin waɗanda suka tsira daga wannan kwantarwa, sai dai ba ta tsira gaba ɗaya ba. Ta biyun a jikin mace fitila ce da aka rage wa haske, ta kan Y ɗin namiji kuwa tana ci sosai.

An gwada nauyin wannan a shekarar 2025. Masu bincike a Amurka suka duba bayanan mutum kusan miliyan ɗaya, suka ware 1,225 da aka haifa da ƙarin X, ko ƙarin Y, ko rashin ɗaya. Sai suka ga ƙarin Y yana ba da tsawon da ya fi na ƙarin X da kimanin santimita 3, wato kusan kashi ɗaya cikin huɗu na tazarar da ke tsakanin maza da mata. Kada a ɗora wannan ukun a kan sha ukun ɗin can, a cikinta yake. Lissafin tagwaye ya nuna mana lokacin da tazarar ke shigowa, wannan kuwa yana nuna cewa wani yanki nata daga ƙashin kansa yake, ko da an ajiye homon a gefe.

Ba don mu ƙaru da labari kawai na kawo wannan ba. Abin da ya fi damuna shi ne yaran da ake gani da ido ana yanke musu hukunci ba daidai ba. Yarinyar da aka haifa da X ɗaya tak, SHOX ɗinta ɗaya ce. Ana kiran wannan larurar Tana, da sunan likitan da ya bayyana ta a 1938, Henry Turner, kuma tana samun kamar ɗaya cikin 'yan mata 2,000 zuwa 2,500. Idan ba a kula ba takan tsaya ƙasa da inda ya kamata da kusan santimita 20, kuma sau da yawa balaga ba ta zuwa da kanta. A gida sai a ce ai kakarta ta ɗauko, a yi ta jira har ƙofar taimako ta wuce. Akwai kuma akasin haka: yarinya 'yar shekara 6 ko 7 ta fara ƙirgar dangi, ta fi duk sa'o'inta tsawo, iyaye suna murna. Wannan ba abin murna ba ne. Wutar an hura ta tun kafin lokaci, ƙashin zai rufe da wuri, kuma ita ce za ta ƙare gajera.

Ga ma'aunin da likitocin yara ke amfani da shi, kowa zai iya riƙewa. Alamar balaga kafin shekara 8 ga mace, ko kafin 9 ga namiji, ta yi wuri. Yarinyar da ta kai 13 ƙirji bai motsa ba, ko ta kai 15 ba ta ga al'ada ba, da yaron da ya kai 14 babu alamar komai, sun yi jinkirin da ya kamata a duba. Haka yaron da bai balaga ba amma ya shekara bai ƙara santimita 4 ba. A asibiti akan ɗauki hoton hannun hagu da wuyan hannu, daga nan likita zai ga shekarun ƙashi, ya san ko ƙofa a buɗe take da kuma nisan da ya rage. Da yawa daga masu jinkiri, musamman maza, lafiyarsu ƙalau, gado ne, za ka ji uban ma sai a ƙarshen sakandare ya miƙe. A wurinmu kuma a tuna da amosanin jini, wato sikila, da ƙarancin abinci, domin duka biyun suna jinkirta balaga.

Wanda ke son ya ƙiyasta inda ɗansa zai tsaya, ga lissafin. Ka haɗa tsawon uba da na uwa. Idan namiji ne ka ƙara 13, idan mace ce ka cire 13, sai ka raba biyu. A ce uba 168, uwa 165, an samu 333. Ɗa namiji: 346 a raba biyu, 173. 'Ya mace: 320 a raba biyu, 160. Yaro zai iya haura wannan ko ya gaza da kamar santimita 8, kuma babu laifi. Amma wanda ya yi nisa ƙasa da haka, akwai abin da ke cinye masa rabonsa.

Kuma mu faɗa wa kanmu gaskiya, a yankinmu abin da ya fi cinye rabon yara yunwa ce da yawan cuta a shekarun farko. Binciken lafiyar al'umma na Nijeriya na 2018 ya nuna kashi 37 cikin 100 na yara 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure, a Arewa maso Yamma kuma sun haura rabi. Abin da yaro ya rasa daga cikin uwa zuwa shekara biyu da wuya ya dawo da shi duka, namiji ne ko mace. Sa'an nan ina roƙon iyaye da matasa su guji abu biyu. Na farko, allurai da ƙwayoyin gina tsoka ga yaron da bai gama girma ba: jiki zai mayar da su istirojin, ƙashi ya rufe, yaron ya sayar da tsawonsa don damtse. Na biyu, ƙwayoyin sa ƙiba da ake saye ba da izinin likita ba, domin wasunsu suna danne girman ƙashin yara.

Iyaye, ku samu bango ɗaya a gida. Duk shekara, a wata guda, ku tsayar da yaro ba takalmi, dugadugai a jikin bango, ku ja layi ku rubuta kwanan wata. Idan kuka ga ɗaya daga cikin alamun da na lissafa, ku auna layukan nan ku rubuta a takarda ku tafi da ita wurin likitan yara tun ƙashi bai rufe ba.